Yadda ake haɗa tallar neman ma'aikaci mai shafi-shafi: misalin mai kula da sito a Mile 12

Wani Alhaji mai saro wake da masara da gero daga Arewa yana da sito a kusa da kasuwar Mile 12 a Legas, ma'aikatansa ba su wuce goma sha biyu ba. Yaron da ke riƙe masa littafin sito ya koma gida zai yi aure, sai manajansa ya rubuta a Status ɗin WhatsApp: "Ana neman ma'aikaci cikin gaggawa, albashi mai tsoka, a tuntuɓe mu." Kwana uku wayar manajan ba ta huta ba. Direba ya kira, mai gadi ya kira, wata ta tambaya ko aikin girki ne, wani kuma daga Ojo ya zo har sito, da ya lissafa kuɗin motarsa ya juya bai ko zauna ba. Da suka kawo mini aikin, na ce musu laifin ba na masu kira ba ne. Tallar ba ta faɗa wa kowa cewa ba da shi ake ba.

Wannan ne aikin talla mai shafi-shafi, wadda masu zane ke kira karusel: jerin hotuna da mutum ke ja da yatsa ɗaya bayan ɗaya a Instagram ko LinkedIn. Rariya ce. Kowane shafi yana amsa tambaya guda, wanda amsar ba ta yi masa ba ya sauka a nan, wanda ya kai shafin ƙarshe kuwa shi ne kake son ganin saƙonsa. Ga yadda muka haɗa ta Alhaji.

Mataki na farko: zauna da mai kamfani kafin ka buɗe Canva

Na riƙe biro da takarda na tsare Alhaji da manajansa da tambayoyi bayan la'asar. Mene ne sunan aikin? Me mutumin zai riƙa yi daga safe zuwa yamma? Ƙarfe nawa ake buɗewa, ƙarfe nawa ake tashi, wace rana ce hutu? Nawa ne albashi? Akwai wurin kwana ko abinci? Wa zai riƙa amsa saƙonni, da wace waya? Yaushe za a rufe karɓa?

A kan albashi muka fi daɗewa. Alhaji ya ce, "Ka bar shi kawai, in mutum ya zo ma daidaita." Na ce, "Ranka ya daɗe, a Legas ba a daidaitawa bayan mutum ya kashe kuɗin mota." Muka yi lissafi a gabansa. A ce mutum yana zaune a Alaba Rago, zuwa da dawowa yana cinsa naira 2,500 a rana. Kwana 26 na aiki a wata ya kama naira 65,000, ban da awannin da zai ɓata a cunkoso. In albashin naira 120,000 ne, fiye da rabi ya tafi a hanya, kuma wata biyu ba zai yi ba zai gudu. Wanda ke Ketu ko Owode Onirin ko Ikorodu kuwa, lissafinsa daban ne. Sai mutum ya ga adadi da unguwa tare zai iya yin wannan lissafin tun yana ɗakinsa.

Masu neman aiki kuma da ma'auninsu a ka. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, gwamnatin Legas kuma ta sanar da 85,000 ga ma'aikatanta a shekarar. Dokar ta ƙasa ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, amma mai neman aiki ba ruwansa da wannan, da waɗannan adadi zai auna naka. In mai kamfani ba ya son faɗin adadi guda, ya ba da iyaka biyu masu kusa da juna, kamar 110,000 zuwa 130,000. "Daga 50,000 zuwa 300,000" kuwa yaren 'yan damfara ne, mai hankali yana gani zai wuce.

Mataki na biyu: raba maganar shafi shida

Instagram yana karɓar har hotuna 20 a jeri guda, amma aiki ɗaya bai buƙatar fiye da shida. Na rubuta su a takarda tukuna, kowane shafi kada ya wuce layi biyar.

Shafi na ɗaya shi ne ƙofa, kuma shi kaɗai ne mafi yawan mutane za su gani. Abin da muka sa: "Ana neman mai kula da sito. Mile 12, Legas. ₦120,000 a wata." Sai sunan kamfani da tambarinsa a ƙasa, da 'yar kibiya da ke nuna a ja gefe. Kuskuren da na fi gani shi ne a cika shafin da "MUNA ƊAUKAR MA'AIKATA!" da manyan baƙaƙe, sunan aikin kuma a ɓoye shi a shafi na uku. Sunan aikin ne ya kamata ya fi komai girma.

Shafi na biyu ya faɗi su wane ne mu, a taƙaice: muna saro hatsi daga Arewa muna sayarwa buhu-buhu ga 'yan kasuwa da gidajen abinci, ga lambar rajistarmu ta CAC. Hoton kuma na ainihin siton ne, buhuna a jere, wanda manaja ya ɗauka da wayarsa da hantsi. Na hana su sa hoton Bature mai kwat da aka sauko da shi daga intanet. Wanda zai yi aiki cikin ƙurar gero ya ga ƙurar tun yanzu.

Shafi na uku shi ne aikin kansa, kuma a nan ake gane wanda ya san sito. Manaja ya fara ba ni "kula da kaya da sauran ayyukan da za a ba shi". Wannan ba ta faɗi komai ba, "sauran ayyuka" ma tana tsorata mutum. Na ce ya kwatanta mini ranar da tirela ta iso. Daga bakinsa muka fitar da layi huɗu: ƙirga buhuna lokacin sauke kaya da gwada adadin da takardar direba, rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a littafi da kuma Excel kowace rana, duba buhunan da suka jiƙe ko ƙwari suka shiga a ware su, ƙirgar sito gaba ɗaya duk ranar Asabar tare da manaja. Kowane layi da aikatau ya fara. Wanda ya karanta zai iya hango kansa yana yi ko ya san ba zai iya ba.

Shafi na huɗu shi ne sharuɗɗa, shi ne kuma na fi ba muhimmanci.

Masu ƙananan kamfanoni suna da ɗabi'ar jera duk abin da suke fata: digiri, shekara biyar na gogewa, iya kwamfuta, iya tuƙi, gaskiya, riƙon amana, hazaƙa. Sakamakon abu biyu ne. Mutumin kirki da ya yi shekara uku yana riƙe littafin wani shago amma ba shi da digiri zai ja baya, mai ƙarfin hali da ba ya karanta sharaɗi kuwa zai turo ko ta yaya. Don haka na raba shafin gida biyu, "Dole" da "Zai taimaka". Gwajin da nake yi wa kowane sharaɗi shi ne in tambayi mai kamfani: in mutum ya cika komai ban da wannan, za ka kore shi? In ya ce a'a, ba dole ba ne.

A ƙarƙashin "Dole" abu huɗu suka tsira: takardar kammala sakandare, WAEC ko NECO, aƙalla shekara ɗaya a aikin sito ko shagon sari, jin Hausa da Turanci ko Burokan, saboda direbobi da 'yan dako Hausawa ne, masu saye kuma yawancinsu ba Hausawa ba ne, sai mutum biyu da za su tsaya masa, masu adireshi a Legas. A ƙarƙashin "Zai taimaka" muka sa difloma, iya Excel, jin Yarbanci, da zama kusa, Ketu ko Ojota ko Ikorodu.

Ka lura harshe muka nema, ba ƙabila ba. Alhaji da farko cewa ya yi a rubuta "ɗan Arewa". Na ce abin da aikin ke buƙata shi ne wanda zai fahimci direba in ya ce buhu uku sun fashe a Jebba, kuma akwai Yarbawan da aka haifa a Agege da Hausarsu ta fi ta wasunmu. Ya yi dariya ya yarda. "Gaskiya da riƙon amana" kuwa cire su na yi. Ban taɓa ganin ɓarawon da ya karanta wannan ya fasa nema ba. Masu tsaya masa su ne ke yin wannan aikin.

Shafi na biyar ya ɗauki albashi da lokaci: ₦120,000 a ƙarshen kowane wata, Litinin zuwa Asabar, 7:00 na safe zuwa 5:00 na yamma, abincin rana a kan kamfani, babu wurin kwana, watanni uku na gwaji. "Babu wurin kwana" ɗin nan manaja ya so a cire, wai zai rage masu nema. Rage su ake so. Tallar za ta kai Kano da Zariya cikin awa guda, kuma akwai wanda zai hau mota da jakarsa yana zaton zai kwana a sito.

Shafi na shida shi ne yadda ake nema, shi kuwa mataki ne mai zaman kansa.

Mataki na uku: hanya ɗaya tak ta nema

Rubutun da ke cikin hoto ba ya dannuwa, haka adireshin intanet da aka rubuta a bayanin da ke ƙarƙashin hoto a Instagram. Duk abin da ka sa a shafi na shida, da hannu mutum zai kwafe shi ko ya haddace. Saboda haka dogon adireshin fom ba shi da amfani a nan. In kuma ka ba da lambar waya biyu da imel da "ko a zo ofis", saƙonni za su warwatsu wuri huɗu, ba wanda zai iya tattara su.

Ga irin wannan aiki WhatsApp muka zaɓa, a sabon layi da aka sa wa WhatsApp Business, ba layin manaja da iyalinsa ke kira ba. Fom ɗin Google yana da kyau ga aikin akanta ko sakatare, sai dai in ka sa wurin ɗora takarda a ciki, dole mai nema ya shiga da asusunsa na Google, kuma nan wasu ke maƙalewa.

Abin da shafin ya ce: "Turo saƙon WhatsApp zuwa wannan lamba. Fara da kalmar SITO, sannan sunanka, unguwar da kake zaune, da inda ka taɓa yin aikin sito. Haɗa da hoton CV ɗinka in kana da shi. Ban da kira." Kalmar SITO tana da amfani biyu. Manaja zai rubuta ta a wurin bincike duk masu nema su fito a jere. Sannan jarrabawa ce ta farko: mai kula da sito mutum ne da ake so ya bi umarni a rubuce, wanda ya turo "Slm" kawai ya tsaya jira ya riga ya nuna yadda zai riƙe littafi.

Don sauƙaƙa wa mutane, a haɗa adireshin da ke buɗe hirar kai tsaye. Ana rubuta lambar da 234 a gaba, ba alamar tarawa, ba sifilin farko, ba tazara:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=SITO%20Suna%3A
```

`%20` tazara ce, `%3A` kuma ɗigo biyu ne. Wannan adireshin ake sawa a bayanin asusun kamfani na Instagram, da sitikar Link a Story, da ƙarƙashin hoto a Status, wuraren da yake dannuwa. Gwada shi da wayar wani kafin ka sake shi. In WhatsApp ya ce lambar ba daidai ba ce, galibi sifilin farko ne aka bari.

Ranar rufewa a rubuta ta cikakkiya, rana da wata da shekara. "Cikin mako biyu" ba ta da ma'ana ga wanda hoton ya iske bayan wata biyar. Ƙasan shafin kuma layi guda da baƙaƙe masu kauri: "Ba ma karɓar ko kwabo: babu kuɗin fom, babu kuɗin rajista." Duk wanda ya nemi aiki a Legas ya san labarin a kira ka intabiyu ka tarar da ɗaki cike da mutane ana tallar maganin ƙarin lafiya, ko a ce ka biya kuɗin horo. Layin nan yana kare mai nema, yana kuma kare sunan Alhaji in wani ya kwafi hoton ya canza lamba ya fara karɓar kuɗi. Saboda wannan dalili ba ma neman BVN ko hoton katin NIN a matakin farko. Ba a buƙatarsu don tantance wa za a kira, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai karɓar bayanan mutane nauyin tsare su. A bari sai an zaɓi mutum.

Mataki na huɗu: zane

Wannan ne ya fi sauƙi. A Canva ka zaɓi Custom size ka sa faɗi 1080, tsayi 1350. Zana shafin farko, sannan ka yi Duplicate page sau biyar kana canza rubutu, don launi da wurin tambari su zama iri ɗaya. Launi biyu sun isa, rubutu mai duhu a kan fari ko fari a kan duhu. Ka bar fili kamar fiksel 100 a kowane gefe, domin a jerin hotunan asusu Instagram yana ɗan yanke gefen hoton farko.

Abu biyu ke ba masu rubuta Hausa matsala. Na farko baƙaƙe masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutu masu ado ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai ka ga "ƙirga" ta fito da baƙin farko siriri daban da sauran, ko ɗan akwati a madadinsa. Alamar ₦ ma haka take yi. Kafin ka zaɓi salo, rubuta "ɓ ɗ ƙ Ɗ Ƙ ₦" ka gani. Noto Sans yana da su duka. Na biyu girman rubutu. A allon kwamfuta komai yana karantuwa, don haka ka tura hoton zuwa ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, ka fita rana ka karanta. In sai ka buɗa hoton da yatsu biyu, rage kalmomi za ka yi, ba matse su ba.

A ƙasan kowane shafi, ba na ƙarshe kawai ba, akwai siririn layi: sunan kamfani, sunan aikin, lambar shafi kamar 4/6, da ranar rufewa. Dalili shi ne a wurinmu karusel ba ya zama karusel. Wani zai ɗauki hoton allon shafin albashi kawai ya jefa a zauren WhatsApp na 'yan garinsu, shafin ya yi ta yawo shi kaɗai ba uwa ba uba. In layin nan yana jikinsa, duk inda ya faɗa an san na wane ne da kuma ko ya tsufa.

Mun yi kwafi biyu, na Hausa da na Turanci, ba mu cusa harsuna biyu a shafi guda ba. Na Turanci ya tafi Instagram, na Hausa ya tafi Status da zaurukan 'yan kasuwa.

Mataki na biyar: saki, da abin da ke biyo baya

A Canva ka shiga Share, sannan Download, ka zaɓi PNG. A Instagram ka zaɓi hotunan bisa jeri, kana duba lambar da ke fitowa a kan kowanne. Kafin ka danna, ba wani ya karanta lambar wayar da ƙarfi kana bi da ido, domin bayan an saki ana iya gyara bayanin ƙasa amma ba a musanya hoto. Lamba ɗaya ta kuskure, sai dai a goge a sake. A bayanin ƙasa ka maimaita sunan aiki, unguwa, albashi da ranar rufewa a rubuce, saboda wanda datarsa ta yi ƙasa hoton bai buɗe masa ba. In za ka sa a LinkedIn, PDF za ka sauke ka ɗora a matsayin takarda, shi ne ke fitowa ana ja shafi-shafi. Mu ba mu sa ba, mai kula da siton hatsi ba can yake ba. Status kuwa awa 24 yake yi ya ɓace, sai a riƙa sabunta shafi na ɗaya da na shida duk bayan kwana biyu.

Saƙonnin kwana biyun farko su ke nuna inda tallar ta yoyo. In ana ta tambayar "nawa ne albashi?", shafi na biyar ba ya kaiwa ga mutane, a ƙara girman adadin a shafin farko. In masu nema daga nesa suka yi yawa, unguwar ba ta fito da girma ba. In an gani da yawa amma ba mai turowa, ko "Dole" ta yi nauyi ko albashin bai kai ba. A namu, tambayar da ta yi ta dawowa ita ce ko ana ba da lokacin zuwa masallacin Juma'a, abin da bai zo mana a rai ba sam don a wurin Alhaji ba abin tambaya ba ne. Manaja ya ajiye amsar a Quick replies, muka kuma ƙara ta a bayanin ƙasa.

Ranar da aka ɗauki mutum, manaja ya gyara layin farko na bayanin ya koma "AN RUFE", ya cire adireshin daga asusun, ya tura wa waɗanda suka zo intabiyu ba a ɗauke su ba saƙon godiya na layi biyu. Zanen yana nan a Canva, na ce kada ya goge. Alhaji ya riga ya fara maganar neman direban da zai riƙa kai kaya Agege da Idi-Araba, shafi na uku da na huɗu da na biyar za a sake rubutawa, a gyara sunan aiki da ranar rufewa a sauran, kalmar SITO kuma ta koma MOTA.